Hannun Kaka a Cikin Kwano

Ni malamar aji uku ce a Gwarzo, kuma abin da ya jawo mini aikin nan bakina ne. Na saba ƙirƙirar 'yan waƙoƙi ina koya wa yara lissafi da su, wata jami'ar lafiya ta ji labari, ta zo har makaranta ta ce ana haɗa katun na wanke hannu domin 'yan firamare, suna neman wanda zai rubuta maganar da za a ɗora a kai. Na amsa tun kafin ta rufe baki. A ganina, wadda ke iya tsayar da aji guda ai fim na 'yan mintuna ba zai gagare ta ba.

Ashe aikin ba haka yake ba. Mai zanen yana Kano, ya turo mini fim ɗin a waya ba murya, da wani agogo yana gudu a gefe. Kowane hoto da iya lokacinsa, magana kuwa dole ta shiga ciki ta zauna daidai. In ta yi tsawo, sai a ga yarinya ta gama kurkure hannu, murya tana can baya tana neman sabulu. Na riƙa karantawa a fili ina kallon agogon, ina yanke kalmomi kamar mai gyaran wake. Jami'ar ta kafa mini dokoki: jimla ɗaya, saƙo ɗaya, kada in faɗi abin da ido ya riga ya gani, kada in tsorata yara, kuma waƙar cuɗa hannu ta kai sakan ashirin, don shi ne lokacin da ake so sabulu ya yi a hannu. Waƙar ba ta ba ni wuya ba. Tafin hannu, bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa, ƙarƙashin farce, duk na jera su a kan wani amshi da yara ke tafawa.

Akwai hoto ɗaya a tsakiyar fim ɗin. Iyali sun zauna cin tuwo, an kawo kwanon ruwa guda. Wani tsoho mai farin gemu ya fara tsoma hannu, sai wasu 'yan ƙwayoyi koraye masu haƙora suka zubo daga yatsunsa suka cika ruwan. Daga nan jikarsa ta miƙo nata hannun. Na rubuta a kai: “Kada ki sa hannu a ruwan da wani ya wanke nasa. Dattinsa yana nan a ciki.” Ta shiga lokacinta cif, jami'ar ta duba ta ce daidai ne, kuma har yau ban ce ba daidai ba ne.

Kafin a kira mai muryar gaske, ana fara gwada fim a kan yara, a ji me suka ɗauka. Na ɗora tawa muryar da waya, muka tafi wata firamare a wajen Dugabau, can ƙasar Kabo. Ni na ba da shawarar makarantar, don garinmu ne, kuma 'yata ta fari tana can. Tun da aka yaye ta take hannun iyayena, kamar yadda ake yi a danginmu. Ba na kiran sunanta, ba na jawo ta jikina a gaban mutane, ita ma Anti take ce mini. Ta fi sabawa da mahaifina nesa ba kusa ba. Amaryata yake kiranta, kullum yana barazanar sakinta don ba ta iya miya ba, kuma kwano ɗaya suke ci, shi ya fara wanke hannu, ita ta bi.

Aka rufe tagogin aji da zannuwa, aka haska fim ɗin a bango. Yara suka yi dariya inda muke so, suka ɗauki waƙar tun a zagaye na biyu. Da jami'ar ta tambaye su yaushe ake wanke hannu, suka amsa da bayan an fito daga bayi da kafin cin abinci. Raina ya yi fari. Sai ta tambaya me suka gani a cikin kwano, aji ya ɗauka baki ɗaya cewa hannun Kaka ne mai ƙwari. Jami'ar ta gyaɗa kai ta wuce tambaya ta gaba. Ni ma na yi dariya, ban kalli layin da 'yata ke zaune ba, don ba na kallonta a cikin mutane.

Inna ce ta kira ni bayan na koma Gwarzo. Muka yi doguwar gaisuwa, ta tambayi yara da maigida da aiki, sannan ta ce Malam, wato mahaifina, ya daina cin abinci a tsakar gida. A daren da muka yi gwajin, an kawo kwano, ya wanke hannu, ya tura wa amaryarsa. Yarinya ta ɓoye hannayenta a baya. Ya tsokane ta ko yaji za ta yi, sai ta ce masa, a gaban yayana da matarsa da wani baƙo daga Getso, Anti ta ce dattin hannunsa yana cikin ruwan. Bai daka mata tsawa ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya kalli hannunsa, ya ce a kai masa tuwonsa zaure. Tun ranar bai sake ce mata amarya ba, ita kuma ta zama kamar kazar da ruwa ya daka, tana raɓe-raɓe a bakin zaure ba ta shiga.

Na ajiye wayar. Mahaifina mutum ne da ke alwala sau biyar, da asuwakinsa a aljihu, kuma muryar 'yarsa ce ta gaya wa jikarsa cewa shi ƙazami ne.

Na kira mai zanen na ce ya cire tsohon, ko ya mai da shi wani yaro. Ya ce hoton nan an gama shi har da launi, an kuma riga an ba mai murya rana, magana kaɗai ce ta rage a hannuna. Na tambaye shi a gidan uban wa ake zana dattijo da ƙwari a hannu. Ya ce a gidansu ma babba ke fara wankewa, shi gaskiya ya zana. Haushi ya ƙara kama ni. Na koma kan jami'ar na ce to a bar wurin shiru, kiɗa kawai. Ta ƙi. Ta ce kwanon tarayya shi ne babban abin da ya kawo fim ɗin, yaran da ake kawo musu asibiti da gudawa ba don an ƙi su a gida ba ne. Muka ɗaga murya, na ce za ta raba jikoki da kakanninsu a kowane gari, ta ce in nemo maganar da ba za ta raba su ba, amma saƙo ba zai fita ba.

Na zauna da hoton ina maimaita shi har ya fara fitowa a idona ko na rufe waya. Na gwada cewa kowa ma yana da datti, ido dai tsohon yake gani. Na gwada dogon bayani cewa ƙwayoyin cuta ba sa ganuwa, agogo ya cinye ni tun ban kai rabi ba. Can na lura da wani abu: a duk fim ɗin babu mai motsa baki, murya daga sama take zuwa. Ke nan ba dole ba ne ta zama ta wata malama mai nuna tsoho da yatsa. Tana iya zama ta tsohon kansa.

Na sake rubuta fim ɗin tun daga farko a bakin Kaka, shi ke koya wa jikarsa. A wurin kwanon ya ce: “Na gaisa da jama'a, na taɓa dabbobi. Ko hannu ya yi fes, akwai abin da ido ba ya gani. Dakata, jikata, ɗauko buta da sabulu.” Ta ɗan fi ta farko tsawo, mai zanen ya yarda ya riƙe hoton kaɗan, kuma hoton da ke biye da ma na yarinyar ne tana zuba wa ƙaninta ruwa. Jami'ar ta saurara sau biyu, ta ce saƙo yana nan, ta nemi a samo dattijo ya karanta. Ta kuma ce sai an sake gwadawa a kan wasu yaran, ba waɗanda suka ga na farko ba.

Fim ya gyaru, amma ni ba shi ne damuwata ba. Na hau mota zuwa Kabo, na ɗauki ɗan acaɓa daga tasha zuwa gida. Na tarar da Baba a zaure yana gyaran igiyar shanu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa duka, har da tambayar hanya, amma bai ɗago ba. Na ce na zo da wani abu ne ya gani. Na kunna na ajiye wayar a gefen tabarma, muryata tana ƙoƙarin yin ta tsoho. Ya kalla har ƙarshe fuskarsa ba ta nuna komai ba.

“Wannan shi ne wanda aka nuna musu?” ya ce.

“A'a, Baba. Wannan gyararre ne.”

“To, wancan dai ta riga ta gani.”

Ya koma kan igiyarsa. Na fito idona ya ciko, na ga 'yata a bakin randa tana kallona. Da a ce zan iya, da na rungume ta na ce ba laifinta ba ne. Na wuce ta na shiga wajen Inna, na faɗa da ƙarfi yadda za ta ji, cewa a sabon fim jika ce ke ɗauko wa kakanta buta da sabulu.

Da aka yi magariba Inna ta ce ba za ta sake aika tuwo zaure ba, ga baƙuwa ta zo. Baba ya shigo ba ya so. Ba wanda ya yi ƙarfin halin kawo kwanon ruwa. Baba ya dubi tabarma, ya juya ya nufi gindin darbejiya inda ake alwala, zai wanke hannunsa shi kaɗai. Yarinyar ta tashi ta ɗauki buta da guntun sabulu ta bi shi. Ta tsaya a gabansa da butar a hannunta.

Ya ce ta ajiye, kada hannunsa ya ɓata mata. Ba ta ajiye ba, hawaye kawai ke sauka. Inna ta riƙe ludayi a sama, ni kuwa na kafa ido a ƙasa don ba ni da damar sa baki.  Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya tsuguna, ya miƙa mata hannayen biyu.

“Zuba a hankali,” ya ce. “Matar da ba ta iya miya ba, kada kuma ta ƙarar mini da ruwa.”