Rigar da na sa wa Baba

A shekara ta biyu da dawowata daga karatu a Dakar, ina aiki a wata ma'aikata a unguwar Filato ta Yamai, mahaifina ya zo Yamai daga ƙauyenmu na wajen Dogon Dutsi don likita ya duba masa ido. Ana gobe zai koma ya ce in kai shi a ɗauke shi hoto. Na yi mamaki, don ba a taɓa ɗaukarsa ba, ban kuma taɓa jin ya nuna sha'awa ba.

Ya fito cikin wata tsohuwar riga ta saƙi, fara mai ratsin shuni, wuyanta ya fara cinyewa. Na ce ko in ara masa tawa.

Ya ce, "Mushe, bar ni da wannan." Tun ina lakwal, wato makarantar boko, yake tsokanata da wannan sunan da ake kiran malamai da shi a Faransanci.

Mai hoton yana unguwar Zongo, mutumin Dahome ne, Hausarsa ta kasuwa. Ya zaunar da Baba gaban labule, ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyalle, ya ɗauka sau ɗaya. Da safe Baba ya hau mota.

Bayan kwana uku na je, mai hoto ya ba ni ɗan ƙaramin hoto na gwaji, ja-ja, ya ce kada in bar shi a haske, don ba a sa masa maganin da ke tsayar da hoto ba. Fuskar ta yi kyau. Rigar ce ta dame ni. A lokacin abokan aikina duk sun rataye hotunan iyayensu a ɗakunansu, kowanne cikin babbar riga. Ba na tsammanin kunyar a ga Baba haka nake ji, ko kuwa dai ban kira abin da sunan kunya ba. Na gaya wa kaina girmama shi zan yi.

Mai hoto ya ce hanya biyu ce. Ta farko, ya wanke babban hoto a takarda, ya zana rigar da fenti a kai, ya sake ɗaukar wannan takardar. Uwar hoton, wato fallen nan mai kama da gilashi da ake wanke kowane hoto daga gare shi, ba za a taɓa ta ba. Sai dai mai lura zai ga bakin fenti a wuya, fuskar kuma za ta ɗan dushe. Ta biyu, ya yi aikin a jikin uwar hoton kanta. Wannan ba mai ganewa.

Ya ce, "Amma patoro maigida, wuƙa in ta kankare, ba ta mayarwa. Tsoho ya sani?"

Na ce, "Zai so."

Ya dube ni. "Zai so, ko ya ce?"

Na ce ɗansa ne ni. Na zaɓi ta biyu, kuma ina ganin dole in faɗi dalili: ba na son kowa ya gane an taɓa hoton.

Na zauna na ga aikin, don ni mutum ne mai tsoron a ɓata abu. Ya jingina uwar hoton a kan gilashi mai haske daga baya. A jikinta komai a juye yake, fari baƙi ne, baƙi fari. Ya shafa wani ɗan mai don fensir ya kama, ya bi ratsin shunin yana cike su da tsinin fensir. Ya ɗauko jan ruwa da ɗan buroshi ya buɗa hannayen rigar har suka rufe labulen baya, don inda jan ya zauna haske ba ya wucewa, takarda sai ta fito fari. Daga ƙarshe ya ɗauki 'yar wuƙa ya riƙa kankare ƙirji, layi bayan layi, don aikin zare ya fito baƙi. Ina jin ƙarar wuƙar, siririya, kamar ɓera a cikin rumbu.

Hoton ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na rataye shi a ɗakina a unguwar Maure. Wani abokin aikina Bazabarme ya gani ya ce, "Ashe ɗan manya ne kai, kake ta noƙe-noƙe a biro, wurin aiki!" Na yi dariya, ban gyara masa ba.

Bayan girbi Baba ya dawo ganin likita. Ya shiga ɗakin, ya tsaya gaban hoton, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

Ya ce, "Wane attajiri ne wannan ya ari kaina?"

Na yi dariya, shi ma ya ɗan yi. Sai ya zauna a tabarma ya ce in ɗauko masa ɗayan.

"Wanne, Baba?"

"Mai rigata."

Na fara bayani, ina ta kewaye-kewaye. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Zaren rigar nan uwarka ta kaɗa shi, a ranin da ta rasu. Kana Dakar. Ni na kai wa masaƙi. Ita na kawo a ɗauka, fuskata kuwa wa ke nemanta?"

Na ce to mu koma gobe ya sa ta a sake.

Ya ce, "Da ƙanwarka ta haihu, na ce ta yanka ta ta yi majanyi da tsumman jariri. Na ce ai tana cikin hoto."

Na tashi na buɗe akwati na ciro ɗan hoton gwajin nan. Makonni ya yi a kan teburina kafin in adana shi. Ya rine ya zama baƙi-ƙirin, ko inuwar mutum babu.

Washegari muka tafi Zongo tare. Mai hoto ya fito ya tarye mu. Ya gaishe da Baba har ƙasa, ya yi masa bayani shi da kansa: fensir zai gogu, jan ruwan zai wanku ko da ba duka ba, ƙirjin kam ya tafi. Sannan ya tambaye shi abin da ni ban tambaya ba.

"Baba, yaya kake so a yi?"

Baba ya ce, "Cire abin da ke ciruwa. Sauran ka bar shi yadda yaron nan ya mai da shi."

Ya goge fensirin da auduga da wani ruwa mai warin fenti, ya jiƙa fallen a cikin tasa har jan ya saki. Da aka wanke sabon hoton, ratsin shunin sun dawo a kafaɗu da hannaye. A ƙirji kuwa aikin zaren ƙarya yana nan baƙi, kwance a kan zaren uwata. Baba ya sa na rubuta a bayan hoton cewa rigar tasa ce, adon ƙirjin ba nasa ba ne, ɗansa ya sa. Na rubuta da Faransanci, ya ce in sake da Hausa, in karanta masa. Ya karɓa ya sa a jakarsa. Hoton mai babbar rigar kuma ya ce in sauke shi daga bango, na sauke.

Bai sake ta da maganar ba har ya rasu. Ban sani ba ko yafewa ce, ko kuwa ya ga babu abin da magana za ta dawo da shi. Hoton ya dawo hannuna tare da carbinsa. Uwata ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, kuma na fara kasa haɗa fuskarta a raina. Wani lokaci nakan sa tafin hannu in rufe ƙirjin, in dubi kafaɗar hagu kawai, inda saƙin ya fi fitowa. Akwai wani wuri da zaren ya ɗan yi kauri. Ina tsammanin nan ne hannunta ya gaji, ko wani ya kira ta daga waje. Ban tabbata ba.