Jika a Fuskar Agogo

Tun yana saurayi yake aiki a wajen tsaga katako, shi ya sa kowa ke ce masa Baba Mai Zarto. Injin ya ciyar da shi, ya aurar masa da 'yarsa tilo, amma ya cinye masa kunne. Sai ka tsaya gabansa ka ɗaga murya kafin ya ji. Wayarsa kuwa a cikin akwati take yini kusa da injin saboda ƙura, ta yi ta kuka ba mai kula ta.

Da 'yar ta bi mijinta wani gari mai nisa, sai ta aiko masa da agogon zamani, irin wanda ake haɗawa da waya. Saƙo na shigowa zai ji agogon ya girgiza a hannunsa. Baba ya ce ai an mayar masa da kunnensa, sai dai a tsintsiyar hannu aka ɗaura shi.

Mai gyaran waya na bakin layi ne ya saita masa. Ya nuna masa yadda ake danna fuskar agogon a riƙe, sai zaɓi ya fito, da 'yan tagogin da ake jerawa a gefe: na yanayi, na bugun zuciya, na cajin batir. Baba ya ce a zuba masa duka, ban da na caji, wai mummuna ne.

Bayan ta haihu, 'yar ta turo ɗan gajeren bidiyon jaririyar tana wutsil-wutsil a kan farin zani. Baba ya garzaya shagon.

"Ɗana, sa mini wannan a fuskar. Mai motsin nake so."

Mai gyaran ya matso kusa da kunnensa. "Baba, zai sha caji fa. Gilashin nan, inda yake baƙi a kashe yake, farin wuri ne ke cin wuta, ga zanin nan fari tas. Hoto mai motsi kuma, agogon sai ya yi ta sake zana shi ba hutu. Ga tagoginku, kowace na neman sabon labari. Ku kuma yini kuke kuna ɗaga hannu, duk ɗagawa sai ya farka."

"To ya farka mana! Ni ma don in gan ta nake ɗagawa."

Ta manhajar wayar aka tura fuskar, ta hau. Daga ranar babu direba ko kafinta da ya shigo wajen bai ga jikar ba. Abokan aiki na tsokanarsa wai amarya ta hana shi aiki, yana cewa kishi ne ke damunsu. Agogon da ke kwana biyu da caji ya koma mutuwa kafin a tashi aiki. Wani lokaci ma Baba ya mance bai sa shi a caji ba. Bai damu ba, tunda 'yar sai da yamma take rubuto masa.

Ran nan ya fito da ragowar cajin jiya. An kawo itace mota guda, ya yi ta ɗagawa yana turawa, kafin tsakar rana fuskar ta yi baƙi. Bai ma lura da wuri ba.

A ranar ne aka yi wa surukinsa canjin wurin aiki na gaggawa zuwa wani gari da ya fi nisa. Motarsu ta biyo ta garin su Baba, za ta ɗan tsaya a tasha. 'Yar ta rubuta, ta kira, ta sake kira. Ga kaya, ga goyo, direba ya ce ba zai jira wanda ya fita ba. Tashar kuwa da ƙafa ma ana zuwa daga wajen aikin.

Sai da aka kashe inji ya buɗe akwatin. Saƙon ƙarshe ya ce, "Baba, mun tashi. Na yi ta leƙen ƙofa. Na sa mata rigar da kuka aiko."

Ya je tashar duk da haka, da garin katako a gashinsa, ya tsaya inda motocin ke lodi har wani mai ɗaukar kaya ya tambaye shi ko wani abu ya ɓata.

Washegari ya miƙa wa mai gyaran agogon ba tare da ya zauna ba.

"Mayar mini da baƙar fuskar nan ta da. Ka bar lokaci da caji kawai."

"Ana iya sa hotonta marar motsi, Baba, mai duhun baya. Ba ya ci sosai."

Ya girgiza kai. "Bari dai."

Bai taɓa gaya wa 'yar dalilin ba, ya ce mata aiki ne ya yi yawa. Ta ce ba komai, za su zo da hutu. Aka yi ta ɗaga zuwan. A bayan injin akwai wata 'yar kujera da ya fara yi wa jikar da guntayen katako. Da ya ji an sa jikar a makaranta, sai ya ƙarasa kujerar, ya shafa mata mai, ya ba 'yar maƙwabcinsa.