Gilashin da Ba-Zama Ba Ta Toshe Ba

A ɗakin awon jini na asibitin, idan ka tambayi sunanta na yanka sai a yi ta kallon-kallo, amma ka ce Ba-Zama, ko mai shara zai nuna maka inda ta bi. Shekara ashirin da biyu tana wannan aiki, kujerarta har yau kamar sabuwa. A tsaye take shan shayi, a tsaye take leƙa madubin awo, ƙafa ɗaya ta riga ta nufi ƙofa. Tun tana yarinya mahaifiyarsu ke cewa wannan 'ya ko a ciki ba ta cika wata tara ba don gaggawa. Ta iya aiki, wannan ba gardama, jijiyar da ta gagari kowa ita ake kira ta nemo. Jira ne kawai Allah bai ba ta ba, kuma wani awon ba abin da yake bukata sai jira.

Bayan rasuwar mahaifiyarsu ita ta riƙe ƙaninta, Auta, har ya zama makanike mai garejin kansa. Shekara huɗu da suka wuce ya shigo mata da bakin mai a riga, ya ce yarinyar da yake nema tana ɗauke da rabin sikila, ita lafiyarta ƙalau, amma an ce shi ma ya gwada. A ranar, layin masu jira ya kai har bakin matakala. Ta soke masa yatsa, ta ɗiga jinin a gilashi, ta ɗiga ruwan maganin da ke zuƙe iska daga jini, ta kifa siririn murfi. Ka'ida ita ce a zagaye bakin murfin da man basilin don kada iska ta koma, a jira aƙalla rabin awa, in ba a ga komai ba a ƙara jira. Kwalbar basilin tana can ɗaya ɗakin. Ta ce a ranta ai murfin ya zauna. Ko minti goma ba a yi ba ta leƙa, ta ga ƙwayoyin jini kewayayyu sumul, ta ce, "Tashi ka tafi, ba ka da komai." Aka yi aure.

To, ranar Talatar nan aka kwantar da 'yarsu mai wata goma, hannuwa da ƙafafu sun kumbura, tana kukan da ke tsinka zuciya. Likita ya sa aka yi babban awo a na'ura, sakamako ya fito: cikakkiyar sikila. Ya kuma faɗa musu gaskiya, cewa ba a samun cikakkiya sai uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi.

Da hantsin Laraba Auta ya faɗo ɗakin awon ko sallama babu.

"Yaya, ke kika gwada ni ko ba ke ba?"

"Ni ce."

"Kika ce ba ni da komai. To ɗaya rabin daga ina ya fito? Na tambayi matata jiya a gaban ƙanwarta. Na ce ta faɗa min 'yar waye."

Ba-Zama ta ɗauki tire ta ajiye, ta buɗe firji ta rufe ba ta ɗauki komai ba, ta wanke hannun da ta wanke yanzun nan. Kwalbar basilin da ba ta tuna da ita ba shekara huɗu ta zo ta tsaya mata a rai. Tsoro ya kama ta, da kunya, da wata muguwar dabara mai raɗa mata cewa ta yi shiru kawai, wa zai sani? Amma matar nan ita ke kawo mata ruwan zafi in bayanta ya riƙe, ita ke ce mata Yaya da baki ɗaya da mijin.

"Miƙo yatsanka," ta ce.

Wannan karon ta haɗa sabon ruwan magani, ta zagaye murfin da basilin har sau biyu, ta ɗora agogo a kan tebur. Rabin awa ta zame mata shekara. Tana kai da komo tsakanin taga da famfo, bakinta yana ta zuba, don in ta yi shiru kuka zai zo.

"Kai makanike ne, za ka gane. A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai abin da ke dakon iskar da muke shaƙa, hemogulobin. Sarƙoƙi huɗu ne a dunƙule. Biyu daga ciki kowacce ƙulli ɗari da arba'in da shida ne, amino asid ake ce wa ƙullin. Na shida kawai aka musanya. Inda ya kamata a sami gulutamik, mai shiri da ruwa, sai aka sami balin, shi kuwa kamar bakin mai yake, ba ya ga maciji da ruwa."

"Ƙulli ɗaya, Yaya?"

"Noti ɗaya bai taɓa kashe maka inji ba? Muddin hemogulobin na riƙe da iska, lafiya lau. Da ya sauke ta sai siffarsa ta ɗan juya, wani ɗan gurbi mai maiƙo ya buɗe a gefensa, balin na maƙwabcinsa ya faɗa ciki don gudun ruwa. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, su yi dogayen sanduna a cikin ƙwayar, su lanƙwasa ta kamar lauje. Ta yi tauri, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa. Kumburin hannun 'yarka ke nan. Can baya ba ta yi ba don hemogulobin na jarirai ne ke kare ta, yanzu yana ƙarewa."

"To ni me ya sa ban taɓa kumbura ba?"

"Mai rabi, mai kyan ya fi yawa a ƙwayarsa, yana shiga tsakani ya hana su kama juna. Sai an ƙwace iskar ƙarƙaf suke lanƙwashewa. Shi ya sa ake toshe gilashin." Ta dubi gilashin. "Naka na wancan karon ban toshe ba, Auta. Ban kuma jira ba. Iska ta koma ciki, na ga lafiyayyun ƙwayoyi na sallame ka."

Agogo ya cika, ta saka gilashin, ta leƙa, ta ja da baya ta nuna masa inda zai sa ido. Ya daɗe a sunkuye. Ga su nan birjik, masu tsini, masu lanƙwasa, jininsa ne da ya ga an ɗiba da idonsa. Ya ɗago ya ce, "Yaya, a gaban ƙanwarta fa na faɗa."

Ta riga shi fita. Ɗakin yara yana hawa na biyu, ta haye matakalar bibbiyu, yana biye da ita. Matar tana zaune a gefen gado, ta tallafe hannun yarinyar da aka ɗaura wa ƙarin ruwa, idanunta sun yi ja. Ba-Zama ta durƙusa a kan siminti da farar rigar aikinta, a gaban sauran iyaye mata, ta faɗi komai tun daga yatsa har basilin, ba ta rage wa kanta ko kalma ba. Ta ce laifin nata ne, ta roƙi gafara. Auta yana tsaye a bayanta.

Matar ta saurara har ƙarshe. Ba ta dubi mijin ba ko sau ɗaya.

"Yaya, tashi, kuskuren aiki ne, na yafe miki," ta ce a hankali. "Ni dama na san 'yar waye, ban bukaci madubi ba. Shi ne ya bukata." Yarinyar ta motsa ta fara ƙananan kuka. Auta ya yi wuf ya miƙa hannu zai ɗauke ta, uwar ta kare da kafaɗarta.

"Bari," ta ce. "Ba yau ba."