Bashin Firiza da Albasar Bawku

Ni mutum ce mai son sanin yadda abu yake aiki, amma bashin da na ci na sayi firiza wata huɗu na yi ina biyansa ban taɓa tambayar yadda yake aiki ba. Abin da na sani kawai, kamfanin ba da rance na bayan tasha a Yendi ya ba ni sidi dubu shida, kuɗinmu na Ghana, ni kuma kowane ƙarshen wata in kai musu ɗari takwas har shekara ta cika. Yaron ofishin ya ce ruwan biyar ne cikin ɗari. Biyar ɗin ta yi min ƙanƙanta a kunne, na sa hannu ina ta murmushi kamar kyauta aka ba ni.

Sun ce sai na kawo wanda zai tsaya min. Mijina direba ne, rabin wata yana hanya, kuma dama bai so maganar kuɗin ruwa ba. Ni ma ba wai na so ba ne, na san abin da malamai suka ce a kansa, na dai rufe ido. Sai na kira ƙanwar babana, Gwaggo ta Salaga, wadda ta tsufa a cinikin doya da hatsi. Ta hau mota ta bi ta Bimbila ta zo, ta dangwala yatsa a takarda, ta ci tuwo, washegari ta koma. An bayyana mata a gabana cewa idan na gaza, ƙofarta za a je. Matar da tun tasowata ban taɓa jin wani ya yi mata sallama don bin bashi ba. Ta goge yatsanta da bakin mayafi.

Firiza ta yi albarka. Ina daskarar da ruwan leda, ina yin sobolo, wato zoɓo, da fura mai sanyi, zafi ya shigo, azumi ya biyo baya. A karo na farko a rayuwata wata yana ƙarewa in biya kowa kuma in ga saura a hannu. Na tara dubu ɗaya da ɗari uku a haka. Sai kuma adashinmu na matan layi ya zagayo kaina, ni ce kwasar ƙarshe, dubu uku cif. Dubu huɗu da ɗari uku a cikin gwangwanin madara, ina buɗewa ina rufewa kamar za su haihu.

Kuskurena shi ne na gaya wa Yayana. Shi a Bawku yake, dillalin albasa ne, kuma bai iya jin kuɗi suna kwance ba.

"Ke, kuɗi na barci a gwangwani?" in ji shi a waya. "Albasa ya sauko yanzu, ɗari huɗu buhu. Kawo in saya miki goma in zuba a sito na. Wata huɗu kawai, wallahi za ya ninka. Loon ɗin ki, bashin nan, ba ya gudu, ai kina biya smol smol."

Maganarsa ta zauna min. Biyar cikin ɗari a gefe guda, ninki a ɗaya gefen, ko ɗan firamare ya san wanda ya fi. Na ma fara tunanin inda zan ajiye firiza ta biyu. Abin da ya hana ni tura kuɗin a ranar shi ne an yi haihuwa a gidanmu na Salaga, na ce bari in je suna in dawo tukuna.

Bayan an watse daga suna na sami Gwaggo a rumfarta tana tsintar gyaɗa. Na zayyana mata komai, ina jiran ta yaba min da wayo. Ta ce albasa sana'a ce mai kyau, ita ma ta taɓa yi. Sai ta tambaye ni, a cikin ɗari takwas ɗin da nake kaiwa, nawa ne uwar kuɗi nawa ne ruwa. Na lalubo takardar a jaka na duba. Ɗari biyar uwa, ɗari uku ruwa.

"Watan farko ɗari uku?"

"E, Gwaggo."

"Watan jiya fa?"

"Ɗari uku."

Ta ware gyaɗa goma sha biyu a kan faifai, ta ture huɗu gefe. "'Yar nan, an ba ki aron buhu goma sha biyu, kin mayar da huɗu. Hayar nawa kike biya yanzu?"

Ni da na yi makaranta har sakandare, ita kuwa ko sunanta ba ta rubutawa. Na ji haushi, na kuma ji wani irin daɗi, irin wanda nake ji idan na buɗe bayan rediyo na ga wayoyin ciki. Biyar ɗin a wata ce, wannan na sani amma ban taɓa ninka ta sau goma sha biyu ba. Kuma a kan dubu shida ta farko ake lissafa ta kullum, ko nawa na rage. Yanzu da saura dubu huɗu a kaina, ɗari ukun nan ta zama bakwai da rabi cikin ɗari. A watan ƙarshe, da zai rage ɗari biyar kacal, nan ma ɗari uku zan biya a kanta. Bashin yana ƙanƙancewa, tsadarsa tana girma.

Na ce, "To me zan yi?" Ta ce ita ba ta san dokar kamfani ba. Wani wurin ko ka biya da wuri sai sun karɓi ruwan shekara duka, idan haka ne gaggawa ba ta da amfani, in sayi albasata. In je in tambaya.

Na koma Yendi na tafi ofishin. Yaron ya ga ban zo da kuɗi ba, na zo da tambaya, sai fara'arsa ta ragu. Ya juya takardar ya nuna min wani layi mai ƙananan haruffa a baya.

"Madam, in kina so ki kulle loon yau, za ki biya balans, dubu huɗu, da intares na wata ɗaya. Amma mi ya sa? Kastoma mai kyau kamar ki, za mu iya ƙara miki ma."

Dubu huɗu da ɗari uku. Daidai abin da ke cikin gwangwani, har na yi dariya shi bai san dalili ba. Idan na ci gaba da biya wata takwas, dubu shida da ɗari huɗu zan kai musu. Bambancin dubu biyu da ɗari ɗaya ne.

Duk da haka ban yarda na yanke shawara ba sai na auna albasar da ma'auni ɗaya. Na kira Yaya na hana shi sakat da tambayoyi. Buhu goma idan sun yi wata huɗu a sito, nawa suke fitowa? Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce bakwai, wani lokaci takwas, saboda tana bushewa, tana tsiro, wata ta ruɓe. Kuɗin sito da masu tsincewa da sabbin buhuna fa? Kamar ɗari shida. Na zauna a kan benci da biro. Bakwai sau ɗari takwas, dubu biyar da ɗari shida. A cire dubu huɗu da ɗari shida, riba dubu ɗaya. A wannan wata huɗun kuwa ruwan bashi zai ci min dubu ɗaya da ɗari biyu. Sun yi kusa da juna fiye da yadda na zata. Sai dai ribar albasa tana jiran in Allah ya yarda, ɗari uku ta kamfani kuwa ba ta taɓa makara ba. Kuma idan albasa ta ƙi, damina ta zo sanyi ya kashe kasuwar ƙanƙara, na san ƙofar da za a je.

Na kai wa kamfanin kuɗin ranar Litinin. Na fito hannu wayam, ko na gyaran firiza babu idan ta tsaya, kuma hakan ya tsorata ni har ƙarshen wata, lokacin da ɗari takwas ta farko ta kwana a gidana. Yaya ya yi fushi, ya ce tsoro irin na mata ne zai hana ni arziki. Na kira Gwaggo na gaya mata na biya. Ta ce, "Madalla. Ki kawo min takardar in gani." Na ce to, na jefa takardar cikin akwati, na shiga harkokina.

A shekarar nan albasa ta haukace. Buhu ya kai dubu ɗaya da ɗari biyu, kuma na Yaya ba su ruɓe sosai ba. Ya kira ni musamman don ya yi min lissafi: da buhu takwas zan fitar, ribar dubu biyar. Ko an cire ruwan bashi, dubu uku da ɗari takwas sun wuce ni. Na yi kwana biyu ba na son ganin albasa ko a miya. Na sake duba lissafina ban sami kuskure ba, da abin da na sani a ranar na yanke, amma wannan bai rage min ciwon ba. Gaskiya Gwaggo na ɗora wa laifi a raina, ita da gyaɗarta.

Da wannan ƙorafin na tafi Salaga lokacin sabuwar doya. Na ɗauki takardar ne kawai don kada ta ce na manta. Na zauna na gaya mata kuɗin albasa ɗaya bayan ɗaya. Ta saurara, ta ce Allah ya ƙara wa ɗan'uwana, haka kasuwa take, wata shekarar ta ba ka wata ta karɓe. Sannan ta miƙo hannu. Ta juya takardar har ta sami yatsanta, ta sa na karanta mata abin da hatimin da aka buga a kai yake cewa. Na karanta sau biyu, an biya duka.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin tsohon ɗankwali. Ta kwance a gabana, kuɗi ne jere da roba. Ta kira jikanta ta ce ya je ya gaya wa manomin da take saye a wurinsa cewa gobe tana zuwa gona.

Na ce, "Gwaggo, wannan fa?"

"Jarin doyata ne. Dubu shida."

Sai a lokacin na tuna ranar suna ɗakin doyarta a buɗe yake, babu komai sai kaji. Na gani da idona, ban tambaya ba, ni mai son tambaya. Tun ranar da ta dangwala yatsa ta cire kuɗin nan daga kasuwa ta ƙulle, don idan sun zo ta sallame su kafin maƙwabta su ji. Kakar doya guda ta wuce ta, ta sayen rahusa da ta sayarwa da tsada. Bayan na biya ma ta ƙara wata huɗu tana jiran takardar da ke kwance a akwatina. Na yi lissafin ruwa, na yi na ruɓa, har kuɗin buhu na sa, amma ko sau ɗaya ban sa nata a ciki ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Da na faɗa, da don ni za ki biya," in ji ta, tana ƙirga kuɗin. "Ni kuwa so nake ki iya lissafi."