Baƙin keken da ke jingine a bayan hoton

Sana'ata saye da sayar da tsofaffin kekuna ce. Na fara da faci a gindin mangwaro, yau ina da rumfa a Makarfi, ranar kasuwar Kudan kuma in loda abin da ya samu in kai can. Tun da wayoyi masu hoto suka yi yawa, rabin cinikina a waya nake yinsa. A turo mini hoto, in duba, in faɗi kuɗi.

Shekarar da mai ya yi tsada, aka mayar da ƙanin matata wata firamare a wajen Dandamisa. Malami ne, dogo, mai son gayu. Kuɗin acaba zuwa da dawowa ya fara cinye masa albashi, in ya ce zai taka da ƙafa kuma sai ya makara, har hedimasta ya ja masa kunne sau biyu. Ya tattara abin da yake da shi, naira dubu saba'in, ya ce keke zai saya. In ya sayi rubabbe, babu wasu kuɗin da zai sake sayen wani.

Wata Laraba da hantsi, ana hutun makaranta, sai ga shi a rumfata yana washe baki, waya a hannu.

"Yaya, na samu. Wani mutumin Ikara ne zai sayar. Duba ka ga ikon Allah."

Jan keke ne, irin na hawan dutse, da sifirin a gaba da wani a tsakiya, da birki mai faifai, da tayoyi masu ƙuraje. An wanke shi yana ƙyalli. Mai shi ya ce dubu tamanin da biyar.

"Malam, koyarwa za ka je ko yawon sallah?"

"Kai dai hassada kake yi, don bai biyo ta rumfarka ba."

Na karɓi wayar na buɗa hoton da yatsu biyu. Na nuna masa ƙarfen da ke sauya wa sarƙa giya a baya, ya lanƙwashe ciki yana neman taɓa sifok ɗin taya. Na nuna masa tsatsa a sandunan sifirin na gaba. Na ce masa sifirin tsakiya irin wannan na araha ne, duk takun da ka yi sai ya sha wani abu daga ƙarfinka, ga nauyi. Babu kariya da zai ɗaure littattafai, babu madigadi mai tare laka, kuma hanyar da zai bi ta tsakiyar gonakin rake ce, da damina laka har idon sawu. Na ce in ni ne, dubu arba'in da biyar ma sai na yi tunani.

Fuskarsa ta canza. Ina shirin miƙa masa wayar ke nan idona ya faɗa kan kusurwar hoton. Can baya, jikin katanga, kusa da turmi, akwai wani baƙin keke jingine, duk ƙura. Rabinsa na baya kawai ya fito: kariya mai kauri, madigadi, sarƙa a rufe cikin gidanta. Na ƙara buɗa hoton har ya fara dushewa. Cibiyar tayar baya ta fi ta keken ƙauye kauri, kuma daga bakin ƙusar da ta riƙe tayar, ta hannun dama, wata 'yar siririyar sarƙa tana lilo, ba ta kai tsawon yatsa ba.

Murna ta kama ni. Wannan 'yar sarƙa alama ce ta giya uku da ke ɓoye a cikin cibiya, inda laka da ruwa ba sa kai mata da sauƙi. A duk shekarun da na yi a sana'ar, irinsa kaɗan ne suka ratsa ta hannuna. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini in yi shiru, gobe in aika a sayo mini shi. Sai na tuna wa zan tarar a gida da yamma.

"Kira mutumin. Ka ce ya ɗauko mana hoton wancan baƙin."

"Wannan tsohon? Yaya, ɗalibaina za su ce mai sayar da kalanzir ya zo."

"Su ce. Ka dai kira shi."

Mutumin ya yi dariya a waya. Ya ce na yayansa ne da ya koma birni, kuma ba ya so ya cuce mu, nauyin taku gare shi kamar ana jan buhu. Da na ji haka sai na ƙara tabbata. Irin wannan cibiya in wayar giyarta ta tsinke, kan giya mafi nauyi take tsayawa. Na roƙe shi hoto uku: keken gaba ɗaya daga gefen sarƙa, gabansa daga kusa, da rubutun da ke jikin taya.

Hotunan suka shigo ɗaya bayan ɗaya, muna leƙe kai da kai. Ƙafafun da suka riƙe tayar gaba a miƙe suke, ba su koma baya ba, fenti bai tattare a wuyan keken ba, wato bai taɓa yin karo ba. Firam ɗin babba ne, daidai dogon mutum. A kan hannun keken ga ɗan madannin giya nan, babu waya a jikinsa. Rubutun taya ya nuna inci ashirin da takwas da ɗaya da rabi, irin tayar da ake samu a kowace kasuwar ƙauye. Wannan ya kwantar mini da hankali, don akwai wata mai ashirin da takwas ɗin da ba ta hawa wannan rim.

Na yi masa lissafi a fili. In giyar tana aiki, bayan gyara keken zai kai dubu hamsin da biyar. Taya biyu sun tsattsage, ga tiyub, ga wayar giya, ga robar birki, a cire dubu goma sha biyar zuwa ashirin. Kuɗinsa na gaskiya dubu talatin da biyar zuwa arba'in. Na kuma gaya masa aibin: in cikin cibiyar ya lalace, kayanta wuyar samu gare su a nan, don haka ba za mu biya ba sai na taɓa da hannuna.

Na rufe rumfa muka hau mota zuwa Ikara. Da muka gama gaisawa da mai gidan, na kifa keken a kan sirdi da hannu. Na juya feda, taya ta yi gudu. Na tsaya, na ja 'yar sarƙar nan kaɗan na riƙe, na sake juyawa, sai feda ta yi sauƙi. Na ƙara ja, ta ƙara sauƙi. Duka ukun suna nan lafiya.

Mai keken ya riƙe baki. "Alhaji, ashe giya gare shi? To kuɗi ya tashi."

"Da giyar na yi masa kuɗi tun daga Makarfi. Ba don ita ba, talatin ma ba zai kai ba."

Ya ce hamsin, na ce talatin da biyar, na lissafa masa gyaran kamar yadda na lissafa wa Malam. Muka tsaya a talatin da takwas, ya ce albarka. Ya sake tallata mana jan, Malam ya ɗan kalle shi, na taka masa ƙafa.

Washegari na sa taya da wayar giya, na ɗiga wa cibiyar mai, na ɗaga sirdin daidai tsawonsa. Ya zagaya bayan kasuwa sau uku yana ta danna giya kamar yaro, ya dawo yana haki yana dariya. Da sauran kuɗin ya sayi famfo da kwaɗo, har ya yi ragi.

Damina biyu ke nan yana hawansa, hedimasta bai sake kiransa kan makara ba. Ɗaliban kuwa sun sa masa sunan da ya ji tsoro, mai kalanzir, kuma yana amsawa. Na taya keken dubu sittin kwanan baya, ya ce in je in nemi nawa a bayan wani hoton.