Keken 'Yan Biyu da Jirgin Kafanchan

Baya ɗaya Allah ya ba ni, sai ya ba ni 'ya'ya biyu a rana ɗaya, mace da namiji, ga kuma yayansu ɗan shekara uku wanda bai san akwai wata tafiya ba in ba gudu ba. Muna zaune a Samaru a lokacin, farkon shigowar wayar salula, maigidana yana koyarwa a wata sakandare. Ƙanwarsa da ke aikin nas a Ingila ta ji labarin haihuwa, sai ta aiko mana da keken jarirai mai kujera biyu gefe da gefe. Faɗinsa ya kusa na ƙofar ɗakinmu. Ranar da na fara fita da shi, matan layinmu suka fito kallo, wata ta ce, "Maman 'Yan Biyu, yanzu kuma a baro ake goyo?" Na ce mata in tana da bayan aro ta kawo.

Mamata tana ƙauyenmu kusa da Kafanchan, hawan jinin ido yana cin ganinta a hankali. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, saura dai a lallaɓa abin da ya rage. Duk wanda zai zo Zariya sai ta ba shi saƙo iri ɗaya: in kawo mata jikokinta ta gan su tun idon yana ɗan aiki. Ni kuwa in na tuna motar haya, mutum huɗu a baya, yara uku a cinyata, keken a ƙarƙashin buhun wani, sai in ce wata mai zuwa. Haka na yi ta yi har 'yan biyu suka cika wata takwas. Sai ƙanina ya kira ya ce Mama ta fara zuba ruwa a gefen kofi. A ranar na yanke cewa jirgin ƙasa za mu bi, tunda shi akwai wurin miƙe ƙafa. Maigida yana tsakiyar duba takardun jarrabawa, ba halin ya raka mu.

Na kira mai keken don neman shawara. Ta ce, "Ai da sauƙi, Anti. In kin isa tasha ki nemi lif kawai." Lif! A duk Samaru wuri ɗaya na san akwai wannan akwatin mai hawa bene da mutane, a dogon ginin jami'a, kuma ban taɓa jin jirgi ya tsaya a can ba. Na yi mata godiya.

Kwana biyu kafin tafiya na bar yaran wurin maƙwabciya, na je tashar jirgi a Sabon Gari leƙen hanya. Ta ƙofar fasinja akwai 'yan matakala da matsatsin mutane, na auna da idona na ga kekena ba zai wuce ba sai a karkace. Na tarar da wani dattijo ɗan dako yana gyangyaɗi a kan baronsa. Don kada a ce ban bi shawara ba, na ce, "Baba, akwai lif a nan?" Da na yi masa bayanin abin, ya yi dariya har da tari, ya bubbuga kafaɗarsa ya ce, "Ga shi nan, 'yata, kuma ba ruwansa da ɗauke wuta." Sannan ya zagaya da ni ta inda ake shigar da kaya, hanya shimfiɗaɗɗiya ba matakala ko ɗaya, har bakin layin dogo. Ya ce in zo da wuri, in tsaya wajen tsakiyar dandamali, kada in yarda in tsaya can ƙarshe inda siminti ya ƙare, don a nan matakalar jirgi sai ta kai mutum ƙugu.

Ranar tafiya da safe muka fito. Daga gida zuwa titi ba nisa, amma ƙananan tayoyin keken ba sa shiri da yashi, sai na juya ina jansa da baya kamar mai jan akuya. Bas uku suka rage gudu, kwandastocin suka dubi keken, suka buga jikin mota suka wuce. Na huɗun, wani mai furfura a gemu, ya sauko ya ce, "Madam, wannan mota ce ko kaya?" Na ce masa kaya ne, yanzu zan naɗe shi.

Shi keken nan ba ya naɗuwa sai an fitar da yara, kuma sai da hannu biyu, don maɓallansa biyu ne, dama da hagu, a ja su lokaci ɗaya. Wanda ya ƙera shi bai tambayi kansa inda uwa za ta ajiye yaran ba. A Zariya kuwa wannan ba matsala ba ce, yaro na kowa ne. Kafin in yi magana hannuwa sun fito ta taga. Wata 'yar kasuwa mai zuwa Sabon Gari ta karɓi macen tana cewa, "Kawo ta, kawo ta, yarinya mai kyau." Wani malami mai carbi ya karɓi namijin. Ina cire na biyun, nauyin jakar da na rataya a mariƙi ya rinjayi keken, ya kife ta baya, tayoyi a sama, filas ɗin kunu ya gangara ƙarƙashin bas. Kwandasta ya rarrafa ya ɗauko yana cewa shi dai yau ya ga ta kansa. Aka cusa keken a but, ƙofar ta ƙi rufuwa, aka ɗaure ta da igiya.

Daga Palladan har Kwangila motar nan ba ta da hira sai tawa. Wani ya ce boko ne ya hana mata goyo. Wata ta ce yaron da bai ji ɗumin bayan uwa ba, ba zai ji tausayinta ba. Na ce, "To Hajiya, ɗaya zan goya ya ji tausayina, ɗayan in bar shi a gida?" Malamin kuwa yana fama da ɗana da ya kama carbin zai kai baki.

Baba ɗan dako yana jiranmu, ya shigar da mu ta hanyar kaya muna tafe kamar manyan baƙi. Jirgin ya iso daga Kano da hantsi, cike maƙil, sai kowa ya ruga ƙofa. Baba ya ɗaga babban ya dire shi a saman matakala, na ce masa ya riƙe ƙarfen nan kada ya motsa. Na goya namijin da zani. Baba ya karɓi macen ya ce zai miƙa ta ta taga, kamar yadda ake yi. Na taka birki, na cire jaka tun da wuri don na yi hankali, na ja maɓallan biyu. Na dama ya buɗe, na hagu ya ce bai san zancen ba. Yashin Samaru ya cika shi. Na ja, na daka, na kira sunan Yesu, na kuma zagi Ingila da mutanenta. Jirgi ya yi kuka.

Baba ya dawo hannu wofi ya ce, "Hau, 'yata!" Na ce, "Keken fa?" Ya ce, "Keke kika zo kai wa uwarki?" Na kama ƙarfe na hau. Shi da wani ɗan dako suka ɗaga keken a buɗe, suka karkata shi, suka turo ta ƙofa, taya ɗaya ta shiga cikin kwandon tumatir ɗin wata mata. Jirgin ya motsa. Sai da tasha ta fara komawa baya na duba tarago na ga ban ga 'yata ba.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na ce, "Wa aka ba jaririya ta taga? Jama'a, 'yata!" Kowa ya dubi cinyarsa. Sai wani ya ce ya ga tsohon ya wuce gaba, don tagogin nan duk kaya ya toshe su. Magana ta bi baki baki zuwa tarago na gaba. Can sai ga ta ana miƙo ta hannu zuwa hannu ta saman kawunan mutane, har wani soja ya riƙe ta ya tsallako da ita tsakanin taragon biyu. Ta iso da guntun burodi a hannu, ko kuka ba ta yi ba. Ni ce na yi, mai tumatir tana rarrashina tana kuma nuna mini ɓarnar da kekena ya yi mata.

Sauran tafiyar keken ya tsaya a buɗe kusa da ƙofa, an ɗaure shi da ɗankwalina. Kafin Kaduna 'ya'yan mutane uku sun yi barci a ciki bi da bi. Wani tsoho mai gyaran agogo ya goge maɓallin da man gyaɗa da tsinke, keken ya naɗu kamar bai taɓa gardama ba. Ƙanina ya tarbe mu a Kafanchan, muka isa gida rana ta faɗi. Mama ta ce a bari sai da safe, idonta ba ya aiki sai da hasken rana.

Da gari ya waye na zaunar da su a keken, na sa wa macen jar hula, namijin fara, na turo su tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi. Mama ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa nasu. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Kai, namijin nan ya kwaso goshin ubansa, Allah ya ba shi haƙuri. Jar hular ta yi masa kyau." Ƙanina ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Ta juya wajen ɗayan, ta dubi gefen kujerar inda babu kowa, sai hannunta ya lalubo fuskarsa. Ta ce, "To, na gan su. Ki daina wannan jan hancin."

Da na zo suna wata uku, da ta gan su da gaske. Na sani, ita ma ta sani, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗa mini ba.

Ta miƙe, hannunta ya faɗa kan mariƙin keken. Ta jijjiga shi ta ji ƙarfinsa, ta tambaya ko wannan ne baron da ake ta labari. Wata biyar rabonta da fita ƙofar gida, don tsoron faɗuwa. Ta ce in cire mata birkin, za ta kai su gidan fasto a gan su. Na cire, na sa hannu ɗaya a gefe ina karkata shi daga ramuka. Ta doke hannun ta ce, "Ke dai faɗa mini dama ko hagu. Turin nawa ne."