Ruwan Afrilu da Masarar Shugaban Makaranta

Lokacin da nake koyarwa a wata sakandare kusa da Kura, wata shekara aka tafka ruwan sama sau ɗaya a watan Afrilu. Shugaban makarantarmu, wanda yake ganin a fannin noma ba a haifi kamarsa ba, ya shuka masara a gonarsa ta tudu, inda ruwan kanal ba ya kai wa. Sai ya umarce ni in yi wa ɗalibai jawabi a asambile cewa yanayi ya sauya, damina ta matso gaba.

Na tsaya na ce, “Yanayi iri biyu ne. Akwai na yau da gobe, kamar ruwan shekaranjiya ko zafin nan da kuke sha. Akwai kuma halin wuri, wanda sai an duba shekara talatin ake gane shi. Halin ƙasarmu shi ne damina ba ta zama sosai sai Yuni. Marowaci in ya yi kyauta sau ɗaya, ba a ce masa ya zama mai kyauta.”

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Shugaba ya karɓe lasifika ya ce, “Madalla, Malam. Ashe ma’aikatar hasashen yanayi ce guda muka ajiye a nan ba mu sani ba.”

Sati huɗu ko yayyafi ba a yi ba, masarar ta ƙone ƙurmus. A ofishin malamai ya yi mana bayani a tsanake cewa sauyin yanayi ne ya cuce shi. Muka ce, “Allah ya mayar da alheri, ranka ya daɗe.”